Lita Nawa Ɗakin Kwana Zai Sha? Lacca a Kan Lissafin Fentin Bango



Shugaban wannan taro, malamanmu, iyayenmu magina da masu fenti da ke zaune a sahun gaba, 'yan'uwa matasa masu koyon sana'a, da magidantan da suka halarta saboda suna da gini a hannu, ina yi muku barka da zuwa.

Tambaya ɗaya tak na zo da ita, kuma a kanta za mu tsaya har mu tashi. Mutum yana da ɗakin kwana, yana so a shafa wa bangonsa fentin ruwa, wato imolshan. Lita nawa zai saya? Yadda aka saba shi ne mai fenti ya shigo ɗakin, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya juya ya dubi kusurwa, sannan ya ce, "Alhaji, a kawo bokiti ɗaya." Maigida bai san inda aka samo wannan adadi ba, sau da yawa shi ma mai fentin bai sani ba. In fenti ya yi saura, kuɗi sun kwanta a roba har ya bushe. In ya gaza, aiki ya tsaya, a koma kasuwa, a dawo da kalar da ba ta yi daidai da ta farko ba. Daga nan zargi yake shiga tsakanin mutane biyu da babu wanda ya yi niyyar cutar wani. Wannan abu yana damuna, domin tef ɗin awo da biro da bayan takardar siminti sun isa su kawar da shi.

Bari mu ɗauki ɗaki guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. Ɗakin da na zaɓa irin wanda magina ke cewa sha biyu da sha huɗu ne, wato ƙafa 12 a faɗi, ƙafa 14 a tsawo. Idan aka auna shi da mita, zai ba da kusan mita 3.6 da mita 4.2. Daga daɓe zuwa silin kuma mita 3. Yana da ƙofar shiga ɗaya, ƙofar banɗaki ɗaya, da tagogi biyu. Ina roƙon ku da ku auna daga cikin ɗakin, bango zuwa bango, bayan an yi filasta. Awon da ke kan zanen gini ko wanda magini ya faɗa da baki ba lalle ne ya zo daidai da abin da aka gina ba, musamman tsayin silin.

Ba sai kun lissafa kowane bango shi kaɗai ba. Ku haɗa tsawon bangwaye huɗun kamar kuna zagaya ɗakin da igiya: 3.6 da 4.2 da 3.6 da 4.2, jimla mita 15.6. Ku ninka wannan da tsayin bango, wato 3. Amsar ita ce murabba'in mita 46.8. Wannan shi ne faɗin bangon ɗakin gaba ɗaya, a ce babu ƙofa babu taga.

Amma ɗaki yana da ƙofa da taga, kuma ba a shafa musu fentin ruwa. Ƙofar ƙarfe ko ta katako fentin mai take sha, gilashin taga kuwa ba ya shan komai. Saboda haka sai a fitar da su. Ƙofar ɗaki da aka fi yi a gidajenmu ƙafa 3 ce a faɗi da ƙafa 7 a tsayi, a mita 0.9 da 2.1, wanda ya ba da murabba'in mita 1.89. Ƙofar banɗaki ta fi ƙanƙanta, 0.75 da 2.1, ta ba da 1.58. Tagar da ake cewa huɗu da huɗu mita 1.2 ce kowane gefe, ta ba da 1.44, biyunsu kuma 2.88. Idan aka tara su duka, za a samu 6.35. A cire wannan daga 46.8, abin da ya rage shi ne 40.45. Mu ce murabba'in mita 40.5 don sauƙin lissafi. Wannan ne bangon da rola za ta bi.

Akwai wani ɗan wuri da ake mantawa, kuma masu fenti da ke nan sun san shi. Ginin bulo mai inci 9 yana da kauri, ita kuwa taga ba ta cika kaurin bangon ba. Sai ka ga an bar wani leɓe a zagaye da taga daga ciki, sama da ƙasa da gefe biyu, kuma shi ma sai an shafa shi. Idan zurfinsa santimita 15 ne, kowace taga tana da gefe huɗu masu tsawon mita 1.2, za ta ƙara murabba'in mita 0.72, tagogi biyu 1.44. Ashe mun cire taga, amma rabin abin da muka cire ya dawo ta bayan gida. A ɗaya ɓangaren kuma, idan an zagaya gindin bango da tayil mai tsayin santimita 10, wurin ba ya shan fenti, kuma a wannan ɗaki ya kai murabba'in mita 1.4. Kun ga ɗaya ya biya ɗaya. Shi ya sa a ɗakin da ke da tayil a gindin bango nake barin su biyun su tafi tare, in tsaya a kan 40.5. Ɗakin da babu tayil ɗin kuwa, sai a ƙara leɓen taga, a ce 42.

Wadirof ɗin da aka kafe a jikin bango, wanda ba zai taɓa motsawa ba, a cire shi kamar yadda aka cire ƙofa. Gado da durowa da labule ba a cire su. Ranar da uwargida ta sauya wa gado wuri, abin da aka ɓoye a bayansa zai fito fili.

Kafin mu wuce, ga wani kuskure da ke cin kuɗin mutane. Yawancinmu da ƙafa muke awo, su kuwa kamfanonin fenti da murabba'in mita suke rubutu a jikin roba. Wannan ɗakin namu, in aka lissafa shi da ƙafa, zagayensa ƙafa 52 ne, tsayinsa ƙafa 10, ya ba da murabba'in ƙafa 520. A cire ƙofofi da tagogi, a samu kusan 450. Mutum ya duba jikin roba ya ga an ce lita ɗaya tana shafe 10, sai ya raba 450 da 10, ya ce lita 45 yake bukata a shafa ɗaya, fiye da bokiti biyu a ɗaki guda. Murabba'in mita ɗaya daidai yake da murabba'in ƙafa 10.76. Wanda ya auna da ƙafa, sai ya fara raba amsarsa da 10.76, ya samu kusan 42, sannan ya ci gaba. Ɗan bambancin da ke tsakanin 42 da 40.5 ya zo ne daga cike lamba da muka yi wajen mayar da ƙafa mita. Mafi sauƙi dai, ku juya tef ɗinku ɓangaren santimita tun daga farko.

Yanzu mun san girman bango, saura mu mayar da shi lita. Abu biyu ake bukata: sau nawa za a shafa, da kuma yawan wurin da lita ɗaya take rufewa. Fentin ruwa sau biyu ake shafa shi a aikin da aka saba. Shafar farko tana kama bango, ta biyu ita ke daidaita kala ta ɓatar da sawun rola. Saboda haka 40.5 sau biyu, murabba'in mita 81 ke nan. Game da abin da lita ɗaya take rufewa, kamfanoni suna rubuta shi a jikin roba, kuma ga fenti mai kyau za ku ga akasari daga murabba'in mita 10 zuwa 12, wasu ma fiye. In an ba ku lamba biyu, ku ɗauki ƙaramar. Mu ɗauki 10. Idan aka raba 81 da 10, an samu lita 8.1.

Ba duk fentin da aka saya ne ke hawa bango ba. Rola tana riƙe wani, burushi yana riƙe wani, wani ya ɗiga a ƙasa, wani ya manne a jikin roba. Sannan ana so a rage ɗan kaɗan don gyaran inda aka goga da kaya ranar tarewa. Don haka ake ƙara kashi 10 cikin 100. Lita 8.1 ta zama 8.9, mu ce lita 9. Ga lissafin a layi ɗaya ga mai son rubutawa:

lita = (faɗin bango − ƙofofi da tagogi) × yawan shafa ÷ abin da lita ɗaya ke rufewa × 1.1

A kasuwanninmu, fentin ruwa yana zuwa ne galibi a galan mai lita 4 da bokiti mai lita 20. Mai bukatar lita 9, galan biyu ba za su ishe shi ba, domin lita 8 ce. Galan uku zai saya, lita 12, ya samu saura. Bokitin da aka ce ya kawo tun farko kuwa ya ninka bukatarsa har da ɗori.

A nan wani zai tambaya, kuma tambayarsa tana kan hanya: to mene ne amfanin wahalar cire ƙofa da taga? Da ba mu cire ba, 46.8 sau biyu a raba da 10 a ƙara kashi 10, lita 10.3 za mu samu, kuma galan ukun dai za mu saya. Gaskiya ne. A ɗaki ɗaya, cirewar ta rage kusan lita ɗaya da rabi ne kawai, kuma wani lokaci ba ta sauya abin da za ka ɗauko a shago. Amfaninta yana bayyana ne idan ɗakuna suka yi yawa. Gida mai ɗakunan kwana uku irin wannan, duk kala ɗaya, in an cire yana bukatar kusan lita 27, wato bokiti ɗaya da galan biyu. In ba a cire ba, lissafi zai kai kusan lita 31, bokiti ɗaya da galan uku. Galan guda ke nan ya tsira. Mai kwangilar gidaje goma kuma ya ninka wannan da kansa. Haka nan ɗakin da ke da manyan tagogi ko ƙofar gilashi mai fita baranda, abin da ake cirewa yakan yi yawa sosai. Don haka a cire, kuma a cire da awo.

Sai dai abin da na fi so ku riƙe daga wannan zama shi ne, lambar da ta fi kowace juya lissafin nan ba ta ƙofa da taga ba ce. Ita ce 10 ɗin nan da muka raba da ita. Kamfani ya samo ta ne a kan bango mai santsi, busasshe, wanda ba ya shan ruwa. Bangon da muke da shi sau da yawa ba haka yake ba. Sabuwar filastar siminti kamar busasshiyar ƙasa ce da aka yi wa yayyafin farko, kana zubawa tana shanyewa. Idan kuma yashin da aka yi filastar da shi mai tsakuwa ne, ko magini bai goge ta da kyau ba, to fuskar bangon cike take da ƙananan ramuka da tudu, kuma kowane rami sai fenti ya cika shi. Tef ya ce maka murabba'in mita 40.5, amma fatar da fenti zai lulluɓe ta fi haka. A irin wannan bango, lita ɗaya tana iya tsayawa a murabba'in mita 7, ko ma ƙasa da haka.

Ku duba abin da wannan ke yi wa lissafinmu. Idan aka raba 81 da 7, an samu lita 11.6, da ƙarin kashi 10 ta zama 12.7. Galan ukun da muka ce za su yi saura, yanzu sun gaza. Cire ƙofofi da tagogi ya motsa lissafi da lita ɗaya da rabi, halin bango ya motsa shi da kusan lita huɗu. Mutum zai iya auna tagarsa har santimita na ƙarshe, fenti ya ƙare masa a tsakiyar bango na huɗu, saboda bai tambayi bangon ba.

Ta yaya ake tambayar bango? Da farko a shafa tafin hannu a kai. In ya ji kaushi, ko yashi ya biyo hannu, an san zai ci fenti. Sannan a yayyafa masa ɗan ruwa. In ruwan ya gangaro, bangon a rufe yake. In wurin ya yi duhu nan take ruwan ya ɓace, bangon mai ƙishirwa ne. Waɗannan alamu ne kawai. Gwajin da ke ba da lamba shi ne wannan: a sayi galan ɗaya tukuna, a auni lita ɗaya cif da robar da aka san girmanta, a jiƙa rola da fenti kafin a fara don kada abin da ta sha ya shiga lissafi, sannan a fara daga kusurwa, ana shafawa daga sama har ƙasa, har litar ta ƙare. Sai a auna tsawon da aka ci. A ce an ci mita 2.5 a bango mai tsayin mita 3. Lita ɗaya ta rufe murabba'in mita 7.5 ke nan. Wannan lambar ta bangonka ce, da fentinka, da hannun mai fentinka, kuma ta fi ta jikin roba gaskiya.

Da ita sai a sake lissafi, amma a lura da abu ɗaya. Shafar farko ce ke shan fenti da yawa, domin ita ke toshe ƙofofin filasta. Ta biyu a kan fenti take hawa, don haka takan kusanci abin da kamfani ya rubuta. Shafar farko: 40.5 a raba da 7.5, lita 5.4. Ta biyu: 40.5 a raba da 10, kusan lita 4.1. Jimla 9.5, da ƙarin kashi 10 ta kai kusan lita 10.4. Galan uku sun isa, an riga an sayi ɗaya, saura biyu. Yanzu mai fenti zai iya faɗa wa maigida adadi, ya kuma nuna masa inda ya samo shi.

Idan gwaji ya nuna bango yana sha fiye da kima, maganin ba ƙara sayen fenti mai tsada ba ne. A goge bangon da samfefa, a share ƙura, a sa masa fentin share fage da ake yi don sabuwar filasta, ko a yi masa sikiridin ya yi santsi. Kuma a bar sabuwar filasta ta bushe sosai, kamar mako huɗu, fiye da haka ma in da damina ne. Fentin da aka shafa a kan bango mai danshi yakan kumbura ya ɓare, ko wani farin gishiri ya feso ta ƙarƙashinsa, kuma duk litar da aka lissafa ta tafi a banza.

Kala ma tana da nata hukunci. Bangon da yake shuɗi mai duhu ko ja, ana so a mayar da shi fari ko ruwan madara, shafa biyu ba kasafai take rufe shi ba. A lissafa uku tun farko: 40.5 sau uku, 121.5, a raba da 10, a ƙara kashi 10, lita 13.4. Galan huɗu ke nan. Silin kuma lissafinsa daban, tunda yawanci fari ake yi masa. Faɗi sau tsawo ne kawai, 3.6 sau 4.2, kusan murabba'in mita 15, shafa biyu lita 3 da ɗan ƙari, galan ɗaya ya wadatar.

Yanzu zan yi magana da 'yan'uwana masu fenti kai tsaye, kuma ina neman afuwar manya. Idan fenti ya kusa ƙarewa, aiki bai ƙare ba, jarabar da ke zuwa ita ce a tuttula masa ruwa. Fentin ruwa yana karɓar ruwa, gaskiya ne, kuma a shafar farko a kan sabuwar filasta ana tsinka shi da gangan don ya shiga bango. Amma ruwan da aka zuba tashi yake yi idan fenti ya bushe. Abin da ke zama a bango shi ne garin kala da ƙaron da ke riƙe shi, kuma ruwa ba ya ƙara ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya mayar da lita 8 ta zama 12 da ruwa, fentin lita 8 ya shafa, ya dai baza shi siriri. Yana jiƙe zai yi kyau. Washegari filasta za ta leƙo ta ƙarƙashi, dabbare-dabbare, bayan 'yan watanni kuma duk wanda ya jingina sai rigarsa ta ɗebo farin gari. Maigida ba zai tuna cewa shi ne ya ƙi sayen galan na uku ba, sunanka zai kira. Ku tsaya a kan adadin ruwan da kamfani ya rubuta a jikin roba. Kuma duk lissafin da muka yi a yau na fenti ne kafin a sa masa ruwa.

Ku kuma magidanta, idan mai fenti ya zo muku da takarda ya nuna awo, kada ku rage masa lita don a samu sauƙi. Ku sayi fentin ɗaki gaba ɗaya a lokaci guda, ku duba lambar haɗi da ke jikin robobin ta zama iri ɗaya, domin kala mai suna ɗaya takan ɗan bambanta daga wannan haɗi zuwa wancan, kuma ido yana kama bambancin idan suka haɗu a bango ɗaya. In galan uku ne, a juye su a babban bokiti a gauraya kafin a fara. In an yi gwaji da galan na farko, sauran biyun a nemo masu lambarsa. Abin da ya rage bayan aiki a rufe shi ruf, a ajiye a inuwa, a rubuta sunan ɗakin a jikin murfin.

Roƙona ga matasan da ke koyon wannan sana'a shi ne, kowa ya koma gida yau ya auna ɗakin da yake kwana, ya fitar da ƙofa da taga, ya rubuta litar da ɗakin zai sha, gobe ya kai wa maigidansa takardar ya duba masa. Mai tambaya kuma ya ɗaga hannu, in ya zo da awon ɗakinsa sai mu lissafa tare a kan allo.